Wa ya sayi lefen nan? Fashin baƙi kan hannun jama'a a cinikin mutum ɗaya

Duk ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗin halayyar mai saye sai ya ci karo da wannan jinga: yi bayanin yadda rukunin mutanen da ake koyi da su, da jagororin ra'ayi, da al'ada suke tasiri a kan abin da mutum ke saye. Abin da akasari ake miƙa wa malami shi ne ma'anoni uku da aka kwafo, kowace da sakin layinta, sai a liƙa misalin lemon kwalba ko takalmin ƙwallo a ƙarshe. Ma'anonin ba laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka ajiye wa ɗalibin ciniki guda ɗaya aka ce ya nuna wane ɓangare ne aikin rukuni, wane ne na jagoran ra'ayi, wane ne na al'ada, sai ka ga ya tsaya yana sosa ƙeya. A kasuwa abubuwan nan uku ba sa zuwa a jere. Tare suke shiga shago, amma kowanne da aikin da ya zo yi.

Don haka bari mu ɗauki ciniki ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. Na zaɓi haɗa lefe, saboda ban san wata sayayya a ƙasar Hausa da mai biyan kuɗin yake da ƙarancin ta-cewa kamarta ba.

Mu ƙaddara wani matashi ne ma'aikaci a Kano, an sa ranar aurensa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don lissafi ya fito, ba farashin kasuwa ba. Ya tara naira miliyan 1.2, ya zauna da biro ya tsara saitin akwati mai huɗu, atamfa turmi 8, leshi 2, shadda 2, mayafai, takalma da jakunkuna, sai kayan shafa da ƙananan kaya. Ya miƙa wa yayarsa takardar. Ranar da aka kai lefe, akwati shida ne, atamfa turmi 12, biyu daga ciki Sufa ce 'yar Holan, leshi 4, kuma kuɗin ya kai miliyan 1.7. Shi bai taka Kantin Kwari ba ko sau ɗaya. Tambayar jingar, in ka cire mata kwalliya, ita ce: daga ina wannan dubu 500 ta fito, kuma ita kanta miliyan 1.2 ta farkon wa ya ce a kashe ta?

Al'ada ce ta rubuta takardar farko

Tun kafin yaya ko gwaggo su buɗe baki, akwai abin da ya riga ya yanke hukunci. Matashin nan bai taɓa zama ya tambayi kansa ko zai yi lefe ba. Abin da ya tambaya shi ne nawa zai ishe shi. Wannan shi ne alamar aikin al'ada: tana yanke shawarar ne a wurin da mutum bai ma lura akwai zaɓi ba. Ita ta ce aure yana tafe da lefe, ta ce namiji ne zai yi, ta ce tufafi ne jigonsa, ta ce mata ne za su kai kuma mata za su karɓa, a buɗe a gani, a ba da tukuici.

Akwai wani bambanci da ke ɗaga darajar jinga idan ɗalibi ya kama shi. Sadaki addini ne ya wajabta shi, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Lefe kuwa al'ada ce, aure yana ɗauruwa ba da shi. Amma a gidaje da yawa kuɗin lefe ya ninka sadakin sau da dama. Wanda ya rubuta cewa "addini ne ke sa Bahaushe sayen kayan aure" ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Har ma sau da yawa malamai ne ke wa'azin a rage tsadar lefe, al'adar tana jan mutane ta ɗaya gefen. Shi ya sa ake samun gidajen da suka yafe shi gaba ɗaya, ko suka ce a ba amarya kuɗin ta sayi abin da take so. Waɗannan su ne abin da littattafan darasin ke kira ƙananan al'adu a cikin babbar al'ada, wato mutanen da suke cikin al'umma ɗaya amma wata fahimta ta addini, ko boko, ko zaman birni ta ba su nasu tsarin.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar al'ada kamar dutse. Dubi jeren ɗakin amarya. Kakanninmu ƙore suka jera, aka zo zamanin tasoshi, aka yi yayin kwalla da samiru har su kai rufin ɗaki, aka koma tangaran a cikin kabad mai gilashi, yau kuma kuloli ne da na'urorin kicin masu aiki da lantarki. Kayan sun sauya sau huɗu ko biyar. Abin da bai sauya ba shi ne ma'anar: iyaye su nuna sun fita kunyar 'yarsu, ta shiga gidan miji da mutuncinta da abin da za ta iya sayarwa in ta ɓaci. Lefen ma haka, sunan kwando ne na kaba tun asali, yau akwati mai taya ake ja amma sunan na nan. Masanin nan Grant McCracken ya yi bayani a 1986 cewa ma'ana tana tasowa ne daga al'ada ta shiga cikin kaya, sannan ta fita daga kayan ta shiga mutum ta hanyar bukukuwa da kyaute-kyaute. Turmin atamfa a shago yadi shida ne kawai. Da ya shiga akwatin lefe ya zama shaidar darajar da ango ya ba amarya. Ɗan kasuwar da ya gane wannan ya san cewa al'ada ta ba shi kasuwa, amma ba ta yi masa alkawarin cewa nasa kayan za a saya ba.

Madubin da ake duba

Yanzu mu koma kan dubu 500 ɗin. Da yaya ta ga takardar, abin da ta fara cewa shi ne:

"Haba ɗan'uwa, akwati huɗu? Bara 'yar baffanta shida aka kawo mata, kuma gida ɗaya suke. So kake a yi da mu?"

Nan take dubu 300 ta hau, akwati biyu da abin da za a cika su da shi. Lura da cewa yayar ba ta ce amarya tana buƙatar kayan ba. Ta auna lefen ne da wani lefe, ta kuma hango bakin wasu mata. Waɗannan matan su ne rukunin da ake magana. Herbert Hyman ne ya fara raɗa wa irin wannan rukuni suna a 1942, lokacin da yake binciken yadda mutane ke auna matsayinsu, ya ga cewa kowa da wasu mutane yake gwada kansa. Ni zan riƙa ce musu rukunin madubi, don mutum su yake duba ya ga ko ya yi daidai.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kai: kasancewa cikin rukuni daban, ɗaukar sa madubi daban. Angon nan yana cikin ƙungiyar ma'aikatan ofishinsu, yana da majalisar da yake zama da yamma, yana da zauren tsofaffin 'yan makarantarsu a waya. Babu ɗaya daga ciki da ya taɓa lefen. Dangin amarya mata kuwa, waɗanda shi bai ma san fuskokin rabinsu ba, su suka ƙara akwati biyu. Gobe idan zai sayi waya ko mota, madubin zai koma majalisa, gwaggonnin amarya su fita daga lissafi. Rukunin madubi yana sauyawa da irin kayan.

Na biyu, akwai rukunin da mutum ba ya ciki amma yana hange. Amarya da ƙawayenta suna kallon hotunan bikin 'ya'yan manya a waya, daga nan suke ɗauko launi da ɗinki da irin leshin da ake yayi. Akwai kuma rukunin da ake gudu. Idan yaya ta ture wata atamfa ta ce "wannan ai ta 'yan ƙauye ce", ko ta ce ta tsofaffi ce, to wannan ma tasiri ne, sai dai na korewa. Ɗalibai sukan manta da shi, alhali a harkar sutura yana da ƙarfi ƙwarai. Zane yakan mutu a kasuwa ba don ya lalace ba, sai don ya yi yawa a jikin mutanen da masu kuɗin ba sa so a haɗa su da su. Shi kuma rukunin hange shi ke ciyar da kasuwar kwaikwayo. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda ya faro tun 1846, shi ke yin Sufa, shadda Gezna kuma daga Ostiriya take zuwa. Mai son kamannin amma aljihu bai kai ba sai ya sayi wadda aka kwaikwayo daga Sin. Buri daga sama ya zo, kuɗi ya tsayar da shi a tsakiya.

To ta wace hanya rukunin ke shiga zuciyar mai saye? Park da Lessig sun raba hanyoyin gida uku a 1977, kuma dukkansu suna cikin lefen nan.

Ta farko ita ce hanyar bayani. Ango bai san atamfar da ke zuba da wadda ba ta zuba ba, sai ya dogara da waɗanda suka sani. A nan ba tsoro ba ne, jahilcin kaya ne da gudun asara. Ta biyu ita ce hanyar lada da horo: a yi abin da jama'a ke tsammani don a samu yabo ko a tsira daga gori. "So kake a yi da mu?" ita ce wannan tsantsa. Anko ma nan ya faɗa. Mace ta sayi atamfar da ba ta burge ta ba, a farashin da ba ta shirya ba, don kawai kada a ce ba ta fitar da ankon ƙawarta ba. Ta uku ita ce hanyar bayyana kai, inda mutum ya riga ya mayar da ɗabi'ar rukunin tasa. Sauran dubu 200 ɗin nan ta tafi ne a kan Sufa biyu da ƙarin leshi, kuma a wannan karon ango da kansa ya ce a saka. Ba wanda ya matsa masa. Yana ganin kansa a matsayin wayayyen matashi mai aikin yi, kuma a idonsa irin wannan mutumin ba ya kai lefe babu Sufa.

Akwai tambaya ɗaya da ke raba ta biyu da ta uku, kuma ina ba kowane ɗalibi shawarar ya saka ta a jingarsa: da a ce babu wanda zai taɓa gani, zai saya? Akwati biyun nan da ba za a buɗe lefe ba da bai ƙara su ba. Sufar kuwa da zai saya ko da amarya kaɗai za ta gani. Na farko biyayya ce da ke ƙarewa da zarar ido ya ɗauke. Na biyu ya zauna a jiki. Ga mai talla wannan bambanci kuɗi ne, domin wanda ya saya don gudun gori zai bar kayan ranar da yayi ya wuce, wanda ya saya don yana ganin kansa a ciki shi ne kwastoman shekaru.

Mai shakkar cewa idon jama'a na iya juya babban mutum mai hankali, ya duba gwajin Solomon Asch na farkon shekarun 1950. Ya riƙa nuna wa mutane layuka a kan kati yana tambayar wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Sai dai sauran mutanen ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi ƙaryar, kuma kusan mutum uku cikin huɗu sun bi taron aƙalla sau ɗaya. Ɓangaren da na fi so a gwajin shi ne wanda ba a cika kawowa ba: da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi gaskiya, bin taron ya faɗi warwas. Ka ga dalilin da ya sa idan gida ɗaya mai mutunci a dangi ya karɓi lefe akwati uku bai ce uffan ba, na baya sukan samu sauƙi.

Inda teburin littafi ya karkace

Kusan kowane littafin darasi yana ɗauke da teburin Bearden da Etzel na 1982. Sun ce ƙarfin tasirin rukuni ya danganta da abu biyu: shin kayan a bainar jama'a ake amfani da su ko a ɓoye, kuma shin na dole ne ko na jin daɗi. Kayan jin daɗi da ake gani, rukuni na tasiri a kan a saya ko kar a saya, da kuma samfurin da za a zaɓa. Kayan dole da ake gani, kamar sutura, kowa zai saya, don haka tasirin yana kan samfuri. Kayan jin daɗi na cikin gida, tasirin yana kan mallakarsu, samfurin bai dami kowa ba. Kayan dole na ɓoye, kamar katifa ko sabulu, tasirin ya yi rauni ta kowane gefe.

Teburin yana aiki, amma gwada shi a kan lefe ka ga abin mamaki. Sabulu, man shafawa, turare da ƙananan kayan ciki duk suna gidan ƙarshe, inda aka ce jama'a ba ruwansu. To amma ranar kai lefe ana zazzage akwati a tsakar gida, mata suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa, yanzu har da ɗaukar bidiyo a tura wa wadda ba ta zo ba. Sabulun da ba wanda zai san sunansa a banɗaki ya zama abin nuni. Katifa ma haka take ranar jere, 'yan ganin ɗaki sai sun danna sun ji kaurinta. Al'ada ta ɗauke kayan daga gidan ɓoye ta kai su gidan bayyane. Ashe ba kayan ne ke da gida a teburin ba, yanayin da aka saye su ne. Amaryar nan in ta je sayen sabulun wanka bayan wata shida, ba za ta tuna da kowa ba, mai araha da ƙamshi za ta ɗauka.

Ɗalibin da ya nuna wannan ya wuce haddar tebur. Kuma yana da madogara, domin Childers da Rao sun sake gwajin a 1992 da mutanen Amurka da na Tailan, suka ga cewa inda ake zaman gandu da dangi masu yawa, tasirin iyali yana shiga har kayan da ake amfani da su a ɓoye.

Matar da ake tambaya

A cikin matan da suka yi hidimar lefen akwai guda ɗaya da ba a yanke komai sai an kira ta. Mu ce matar wan ango ce. Ba ta fi kowa kuɗi ba, ba ta fi kowa shekaru ba. Amma ta haɗa lefe biyar ko shida a dangi, ta san layin da za a shiga a Kwari, tana murza bakin zane ta gaya maka ko na ainihi ne, ta san leshin da zai yi yayi da wanda ya riga ya gaji. Ita ta hana a sayi wata shadda, ta ce:

"Yaya, bar wannan, wanki biyu ƙyallin zai tafi. Mu ƙara gaba, akwai wanda nake saye wurinsa."

Wannan ita ce jagorar ra'ayi. Ba ta ƙara ko kwabo a kasafin ba, amma ita ta yanke shagon da miliyan 1.7 ta shiga.

Tunanin ya samo asali ne daga binciken zaɓen Amurka na 1940, wanda Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka yi a jihar Ohayo. Sun zaci rediyo da jarida ne ke juya masu zaɓe kai tsaye, sai suka tarar mutane sun fi ambaton wani na kusa da su. Daga nan aka samu ra'ayin cewa saƙo hawa biyu yake yi: daga kafar watsa labarai zuwa wasu 'yan tsiraru masu bibiya, daga su kuma zuwa sauran jama'a. Elihu Katz da Lazarsfeld suka faɗaɗa shi a aikin da suka wallafa a 1955, bayan an tattauna da mata kusan 800 a garin Decatur na jihar Ilinoi, a kan cefanen gida, kwalliya, harkokin jama'a da zuwa silima. Abubuwa biyu da suka gano sun dace da Kano kamar a nan aka yi binciken. Ɗaya, jagoranci na fanni ne. Matan aure masu manyan iyali su ake tambaya kan cefane, 'yan mata kuma kan kwalliya, kuma da wuya a samu mace ɗaya ta riƙe duka. Biyu, a harkar cefane da kwalliya tasirin a kwance yake tafiya, tsakanin mutane masu matsayi ɗaya, ba lallai daga mai kuɗi zuwa talaka ba. Matar wan nan ba wanda zai tambaye ta wace waya za a saya. Wannan sai ƙanin ango da ke yawan zuwa kasuwar waya ta Fam Santa.

A nan ne jinga da yawa ke faɗawa rami. Ana tambayar jagoran ra'ayi sai ɗalibi ya rubuto sunan tauraruwar Kannywood ko mai mabiya dubu ɗari a Instagiram. Tauraruwar da aka biya ta saka atamfa talla take yi, kuma masu kallo sun sani. Matsayinta ya fi kusa da rukunin hange: tana sa a yi sha'awar abu. Ƙarfin jagorar ra'ayi kuwa daga wani wuri yake. An san ta, tana kama da mai tambaya a hali da aljihu, ba ta da riba a cinikin, kuma in shawararta ta ɓaci za a haɗu da ita a suna ko biki ta sha kunya. Tauraruwa ba ta san an yi asara ba ma. Shi ya sa yawanci allo ke tayar da sha'awa, amma kafin kuɗi ya fita sai an kira matar wa.

Dillaliya tana tsakiya, kuma misali ce mai kyau ga wanda ke son nuna iyakar ma'anar. Ta san kaya, tana shiga gidajen da mai shago ba zai shiga ba, ana jin maganarta. Amma tana da la'ada. Muddin mata sun yarda cewa gaskiya take faɗa ko da za ta rasa ciniki, tana aikin jagora. Ranar da aka gane tana tura kowa wuri ɗaya don kamasho, ta koma 'yar talla. Haka zai faru da matar wan ma idan aka ji mai shagon yana ba ta turmi ɗaya kyauta duk lefen da ta kawo. 'Yan kasuwa sun san darajarta, shi ya sa suke yi mata ihsani, amma in ihsanin ya fito fili ya kashe abin da ake nema.

Idan jingar ta haɗa da shiga gari

Wasu malaman sukan ce a yi ɗan bincike. Hanyoyin gano jagoran ra'ayi uku ne sanannu. Ko ka tambayi mutum shi da kansa ko ana neman shawararsa, ko ka tambayi kowa a rukuni wa yake tambaya sannan ka ƙirga sunan da ya fi fitowa, ko ka tambayi wanda ya san rukunin sosai ya nuna maka. Ta farko ta fi sauƙi, amma a cikin Hausawa tana da matsala ta musamman. Kunya da kawaici za su sa wadda kowa ke tambaya ta ce "ni wa, me na sani", mai surutu kuma ta ce ita ce. Ta biyu ta fi inganci idan rukunin ƙarami ne mai iyaka, kamar 'yan adashi ɗaya, ko ajin Islamiyya, ko matan gida ɗaya na gandu. Mata 20 sun isa ka ga hoton ya fito: za ka tarar sunaye biyu ko uku sun kwashe yawancin amsoshin.

Yadda aka yi tambayar ma yana da tasiri. Kada ka ce "shin mutane na tasiri a kan abin da kike saye?" Kusan kowa zai ce a'a, don ba mai son a ce ba shi da ra'ayin kansa. Tambayi abin da ya faru. Atamfar ƙarshe da kika saya, a jikin wa kika fara ganinta? Wa kika nuna wa kafin ki biya? Da wa kuka je kasuwa? Akwai wadda kika so amma kika fasa, me ya sa? Amsar tambayar ƙarshen nan ita ke tono rukunin da ake gudu da kuma tsoron gori.

Sai gargaɗi guda da ya kamata ya shiga sakin layin iyakokin bincike. Idan ka ga ƙawaye biyar da atamfa iri ɗaya, ba dole ba ne wata ta ja wata. Wataƙila albashinsu ɗaya ne, unguwa ɗaya suke, shago ɗaya ne a kan hanyarsu, kuma abin da mai shagon ya sauke ke nan a watan. Mutane sukan yi abota da masu kama da su tun farko, sai kamannin ya yi kama da tasiri. Abin da zai raba maka gardama shi ne jerin lokaci: wa ta fara saye, kuma sauran sun gani ko sun yi magana da ita kafin su saya?

Haka nan aljihu yana da nasa hukuncin da ba ya jiran kowa. Da angon namu dubu 600 ce duk abin da ya mallaka, kuma ba mai ba shi rance, maganar 'yar baffa ba za ta haifar da akwati shida na Sufa ba. Abin da zai faru shi ne a riƙe adadin akwatin a rage ingancin abin ciki, a sa masu kyau biyu a sama inda hannu zai fara kaiwa, a cika ƙasa da masu sauƙi. A wasu wuraren har aron kaya ake yi a ƙara auki, bayan biki a mayar wa masu shi.